Yadda Za Ka Rubuta Takardar Tsarin Saka Sanarwa a Manhaja

Masu manhaja a Kano kun dame ni da tambayar yadda ake rubuta takardar tsarin saka sanarwa a manhaja, to ga yadda nake yi, shafi ɗaya ya isa.

1. Rubuta abin da zai tayar da sanarwa, misali kaya sun bar Kwari.
2. Zaɓi hanyar tura sanarwa: Firebase Cloud Messaging, wato tsarin Google na aika sanarwa zuwa wayoyi.
3. Nuna teburin da za a riƙa ajiye token na kowace waya, wato lambar da Firebase ke ba manhajar don sanarwa ta isa wayar. Hattara, token yana canzawa, in sabar ta ga `UNREGISTERED` a amsar Firebase a goge shi.
4. Faɗi lokacin neman izinin nuna sanarwa, don daga Android 13 sai mutum ya amince da `POST_NOTIFICATIONS`, kuma don Allah kar a nema da zarar ya buɗe manhaja, ƙi zai yi.
5. Tanadi SMS saboda masu kashe data.