Yadda ake zaɓen ekistenshan da ba zai narke a shago ba

Shiga shagon tela a Wunti cikin Bauchi ana saura kwana uku Sallah, ka leƙa ƙarƙashin tebur. Da wuya ka rasa ekistenshan da rami ɗaya a jikinsa ya yi baƙi. Nan aka saba jona dutsen guga.

Kafin ka je kasuwa, fara da lissafi. Duba wat ɗin da aka rubuta a jikin kowane kaya, ka haɗa, ka raba da 230, wato ƙarfin wutar gidajenmu. A ce dutsen guga na cin wat 2000, injin keken ɗinki 400, fanka 70. Jimla 2470 ke nan, kusan amfiya 11, wato yawan wutar da za ta bi wayar. Wayar da ke cikin ekistenshan mai araha sau da yawa ba ta wuce kaurin 0.75mm² ba, ita kuwa iyakarta amfiya 6. Ga inda gizo ke saƙa: idan wutar da ke bin waya ta ninka biyu, zafinta sau huɗu yake ninkawa. Roba za ta yi laushi tun kana ganin komai lafiya.

Don haka nemi mai waya 1.5mm² mai jijiya uku, da fulogi mai fiyus na amfiya 13. Amma kar rubutun kwali ya ruɗe ka. Ce wa mai shago, "Alhaji, a kwance mini fulogin in gani." Kankare siririn wayar da reza. Idan ja ne har ciki, jan ƙarfe ne. Idan ya yi fari, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, ya fi saurin zafi kuma yana sakin jiki a ƙarƙashin sukuru. Wanda ya hana ka gani, ƙara gaba.

Sai ramukan. Cusa fulogi ka zare; ya kamata sai ka ɗan ja da ƙarfi. Ramin da ya yi sako-sako shi ke haifar da tartsatsi, zafi ya taru wuri guda, ƙarfen ya ƙara saki. Fiyus ba ya kare ka daga wannan, domin wutar ba ta wuce ƙima ba.

Ka kawo shago? Warware wayar duka, don wadda aka naɗe ba ta shan iska. Kar ka jona ekistenshan a kan wani, kuma ɗaga shi daga ƙasa, nesa da ƙyallaye. Injin walda kam ba na ekistenshan ba ne, layinsa daban za a ja masa.

Bayan minti ashirin ana aiki, taɓa bayan fulogin da wayar. Ɗumi kaɗan ba komai. Idan hannunka ya kasa zama a kai, ko ka ji ƙaurin roba, kashe daga soket ɗin bango, ka mayar da dutsen gugar can shi kaɗai.