Ciwo Ya Tashi Kana Nesa da Asibitinka: Inda Masu Inshorar Lafiya Ke Tafka Asara

Wani ƙanina, ma'aikacin gwamnatin tarayya ne a Kano, ya tafi biki Azare da iyalinsa. Daren Juma'a wajen ƙarfe 11 ɗansa mai shekara uku ya fara jijjiga, jiki rau da zazzaɓi, idanu sun kakkafe. Asibitin da ya yi rajistar inshora da shi yana Kano. Abin da ya fara zo masa a rai shi ne ya tayar da mota ya kama hanya, don a can ne "ba a biya." Allah ya sa surukarsa ta tare ƙofa ta ce, "Malam, yaron nan ba zai kai Kano a haka ba."

Kuskuren da ya fi kowane muni ke nan, kuma tushensa rashin sanin doka. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya a Nijeriya ƙin duba wanda ke cikin halin gaggawa, ko da wane dalili, ya kuma sa tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. A ƙa'idar NHIA ma, wato hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, ba a jiran lambar izini daga kamfanin HMO, mai kula da inshorarka da biyan asibiti, kafin a fara magani idan rai na cikin haɗari. Zubar jini ga mai ciki, jijjigar yaro, saran maciji, haɗarin mota, numfashi da ke sarƙewa, shanyewar ɓarin jiki farat ɗaya: a waɗannan, asibitin da ya fi kusa shi ne asibitinka. In akwai biyu a nisa ɗaya, zaɓi wanda NHIA ta tantance, don lissafinsa da kamfani ya fi sauƙi. In babu, shiga wanda ka samu.

Sai dai dokar nan cewa ta yi a duba ka, ba ta ce kyauta ba. Wanda zai biya kuɗin, wannan ya rataya ne a kan abin da ka yi bayan an karɓi mara lafiya, kuma a nan ƙanin nawa ya yi tuntuɓe.

An kwantar da yaron a wani asibitin kuɗi, aka tsayar da jijjigar, gwaji ya nuna maleriya ce mai tsanani, aka sa masa allura ta jijiya da ƙarin ruwa. Uban ya ce a ransa ai gobe Asabar, ofisoshi a rufe, bari Litinin ta yi. Litinin ta tafi a zirga-zirgar sallama, sai Talata ya kira kamfanin. Tambayar farko da aka yi masa ita ce, "Yallaɓai, yaushe aka kwantar da shi?" Wa'adin neman izini a tsarin NHIA awa 48 ne daga lokacin da aka fara magani, ba daga ranar sallama ba, kuma kada ka ɗauka za a cire maka Asabar da Lahadi. Nasa wa'adin ya cika tun ƙarfe 11 na daren Lahadi. Masu inshorar da kamfanin da suke wa aiki ya saya musu kai tsaye su duba takardar yarjejeniyarsu, domin wasu awa 24 kacal suke bayarwa.

Gyaran ba shi da wahala. Da zarar likita ya karɓi mara lafiya hankalinka ya ɗan dawo, ciro katin inshorar ka kira lambar kamfanin. Faɗi sunan mara lafiyar kamar yadda yake a rajista, lambar katin, sunan asibitin da garin, ƙarfe nawa aka shigo, da abin da likita ya ce yana zargi. Ka nemi lambar izini, ka rubuta ta tare da sunan wanda ya ɗauki wayar da lokacin. Daga nan ka bi da saƙo a rubuce, tes ko imel ko WhatsApp, da bayanin nan dai. Maganar baka iska ce. Ranar da aka ce "ba mu ga kiranka ba," saƙon nan mai kwanan wata shi zai tsaya maka. Ko layin bai shiga ba, tura saƙon, ka ɗauki hoton allon wayar da ke nuna kiran da ka yi. Tun watan Afrilun 2025 NHIA ta umarci kamfanonin su ba da amsar neman izini cikin awa ɗaya daga lokacin da asibiti ya nema, don haka in an yi shiru rabin yini kana da bakin magana.

Kada kuma ka jingina da "za mu sanar da su" da wani zai ce maka a teburin biyan kuɗi. A asibitin da aka tantance, aikinsu ne su nemi lambar, amma ka koma ka tambaya ko ta fito, a karanto maka ita. Asibitin da ba ya cikin tsarin kuwa ba shi da abin da zai rasa in ba a kira ba, tunda kuɗinsa a aljihunka yake.

Sai batun takardu. Ƙanina ya kashe naira 94,000 gaba ɗaya. A ciki, 61,000 a asibitin ya biya, aka ba shi rasit guda ɗaya da aka rubuta "magani" a kai. Sauran 33,000 a kemis ɗin bakin titi suka tafi, ƙanin matarsa ne ke ta gudu yana sayowa, babu rasit ko ɗaya, takardar likitan ma an bar ta a can. Wannan kason ya tafi ke nan, babu mai maido shi. Abin da kamfani ke so shi ne rasit mai hatimi da ya rarrabe kuɗin gado, na gwaji, na kowane magani da adadinsa, sai sakamakon gwaje-gwajen, da rahoton likita mai sa hannu. Rahoton nan ne zuciyar maganar, domin shi zai nuna gaggawa ce ta gaske. "Zazzaɓi" kawai ba ya gamsar da kowa. "Jijjiga da fita hayyaci, an shigo ƙarfe 11 na dare" shi ne zance. Ka karɓe shi kafin ka bar garin. Neman rahoto ta waya daga nisan ɗaruruwan kilomita aiki ne ja. Kuma ko da takardunka sun cika, kamfani yakan biya ne bisa farashin da ke jadawalinsa, ba abin da asibitin kuɗi ya caje ka ba.

Akwai wani kuskuren da ba a cika lura da shi ba: zama bayan gaggawar ta wuce. Izinin gaggawa na ceto rai ne har mara lafiya ya daidaita. In kamfani ya ce a mayar da shi asibitin da ke cikin tsarinsu, likita kuma ya tabbatar zai iya tafiya, kai ka ce ka fi son nan don ɗakin da fanka, kwanakin da suka biyo baya suna iya zama a wuyanka. In likitan ya ce bai isa a motsa shi ba, roƙe shi ya rubuta haka a fayil, ka tura wa kamfanin hoton. Dawowa a sake duba shi bayan sallama kuwa, wannan na asibitinka ne na asali.

Ma'aikatan jiha da ke ƙarƙashin hukumomin inshorar lafiya na jiha irin su KSCHMA a Kano ko KADCHMA a Kaduna, su je ofishin tun suna lafiya su tambayi yadda ake yi in ciwo ya kama mutum a wajen jihar, su ajiye lambar a wayarsu da ta matansu.

Shi dai ƙanina sai da ya koma Azare ya karɓo rahoto da rarrabben rasit, ya rubuta takardar koke yana bayyana dalilin jinkirinsa, ya kai kwafi ofishin NHIA na jiha. Bayan 'yan watanni aka maido masa wani kaso na 61,000 ɗin nan, kuɗin motar zuwa da dawowa ya cinye kusan rabinsa.