Yadda ake fassara gajeriyar amsa ta gatse ba tare da ta koma godiya ba

Kwanaki ina fassara wani gajeren labari daga Turanci zuwa Hausa, na zo wajen hirar wasap tsakanin wata da ƙaninta Sani. Ta ba shi kuɗi tun safe ya cika mata tukunyar gas saboda tana da baƙi da rana, shi kuma ya yi tafiyarsa kallon ƙwallo, sai ƙarfe 5 na yamma ya turo mesej cewa ya manta amma gobe zai yi. Amsarta kalma biyu ce tak: "Great, thanks." Ni kuma da yake hannu ya saba na rubuta "Madalla, na gode" na wuce abina, sai da na dawo karatu na biyu na ga ai na mayar da matar nan wata salihar baiwar Allah mai haƙuri, alhali a labarin ranta a ɓace yake. Da a baki ne ba matsala, za ta ja muryar ta harare shi kowa ya gane. A rubuce kuwa ba murya ba harara, sai abin da ka sa a takarda. Ga yadda nake bi da irin wannan.

Da farko kar ka taɓa amsar tukuna, koma kan mesej ɗin da ya zo kafin ita. Gatse ba a cikin kalmar yake zaune ba, yana tsakanin abin da aka yi ne da abin da aka faɗa, yaro ya yi ɓarna an ce masa ya kyauta. To idan ka fassara mesej ɗin ƙanin da laushi, misali ka sa masa "yi haƙuri Yaya wallahi uzuri ne ya taso", ka riga ka kashe gatsen tun kafin ta buɗe baki, don mai karatu zai ɗauka ta karɓi uzurin ne. Bar laifinsa a fili yadda yake: "Af na manta wallahi, gobe zan yi." Rabin aikin ke nan.

Sai ka tambayi kanka wane iri ne ma. Mu a Hausa abin ba guda ɗaya ba ne. Akwai gatse, ka faɗi kishiyar abin da kake nufi. Akwai habaici, ka yi da mutum ba ka kama suna ba. Akwai ba'a ta raha irin ta abokan wasa, akwai kuma baƙar magana wadda ita ba ɓoye-ɓoye. Na wannan matar gatse ne zalla, yabo a sama haushi a ƙasa, don haka duk fassarar da ta fito da haushin fili kamar "Ka ɓata min rai" ta faɗi ma'ana daidai amma ta canza mutumiyar. Wannan kuskuren ya fi yawa wurin masu tsoron kar a kasa ganewa, sai su yi ta bayani har abin ya tashi daga gatse ya koma ƙorafi.

Mataki na uku shi ne inda aikin yake. Ajiye kalmomin Turancin gefe, ka tuno me yayarka za ta ce maka in ka yi mata haka. Ba za ta ce madalla ba. Za ta ce "Ka kyauta." Ko "Sannu da ƙoƙari." Ko "A gaishe ka." Waɗannan kunnen Bahaushe ya riga ya saba jin su da fuska biyu, da zarar sun biyo bayan laifi an san inda aka dosa. Amma su kaɗai ɗin ma wani lokacin ba sa isa, "Ka kyauta" tsurarta ana iya karanta ta da zuciya ɗaya, shi ya sa nake jingina mata ɗaya daga cikin 'yan ƙananan kalmomin nan namu, ai, fa, kam, lallai, don su ne suke yin aikin da murya take yi. Duba bambancin: "Ka kyauta" da "Ai ka kyauta" da "Lallai ka kyauta." Ta farko tana iya zama godiya. Ta biyu an fara jin ƙanshin abin. Ta uku kam sai wanda bai so ganewa ba. Amma ɗaya ta isa fa, in ka jera "ai lallai kam ka kyauta fa" ya zama wasan kwaikwayo, ba wanda yake taipin haka cikin fushi, mai fushi gajarta magana yake yi.

Akwai wata dabara da nake so sosai, ita ce cire "ka" a sa "an", ko a liƙa "su" gaban suna. "Su Sani an kyauta." Ka ga an daina magana da shi an koma magana a kansa, kamar ana nuna shi ga jama'a, kuma ba a ƙara tsawo ba. Sai dai a nan ne ake zamewa, dole ka duba waye yake faɗa wa wa. Yaya ta faɗa wa ƙani, daidai. Ƙawa ga ƙawa, daidai. Amma in ƙanin ne yake mayar wa yayarsa, ko ma'aikaci ga oga, "su wane" ta zama rashin kunya, wanda babu shi a asalin rubutun. Na ƙasa in zai yi gatse da ladabi yake lulluɓe shi, ladabin ma ya ɗan wuce kima: "To Yaya, an gode ƙwarai." Ko "Godiya muke ranka ya daɗe." Yawan girmamawar a inda bai dace ba shi ne alamar.

Ka yi hattara da addu'a. "Allah ya saka da alheri" za a karanta ta da gaske ko da bayan laifi ne, "Allah ya isa" kuma ta yi nauyi da yawa a kan tukunyar gas.

Maganar alamomi ba ta da tsawo. In asalin ba emoji kar ka ƙara, musamman mai dariyar nan da hawaye, tana mayar da haushi ya koma wasa. Alamar motsin rai ma cire ta, "Ka kyauta!" murna ce, aya guda a ƙarshe ta fi sanyi da cizo. Jan harafi irin "sannuuu" yana aiki amma ya fi kama da tsokanar ƙawaye. Ita kuwa /s da wasu masu rubutu da Turanci suke sawa a ƙarshen magana don nuna gatse, yawancin masu karatunmu za su ɗauka kuskuren taipin ne.

Na ƙarshe gwaji. Tura wa wani mesej biyun kawai, na ƙanin da amsar, kar ka ce masa komai, ka ce ya karanta maka a bayyane ko ya yi maka voyis. In ya karanta da muryar godiya ba ta yi ba, koma mataki na uku. In ya ce "kai wannan ta zage shi" ka zarce, rage. Ni dai na tura wa wata ƙawata guda uku, "Madalla, na gode" ta ce matar tana da kirki, "Su Sani an kyauta" ta yi dariya ta ce tsokana ce, da ta zo kan "Lallai ka kyauta." sai ta ja lallai ɗin ta ce wannan yaron gara kar ya koma gidan yau. Ita na bari a fassarar.