Yadda na daidaita lissafin da'irar RLC da awon mita

Na jera turjiya R = 30 Ω, naɗin waya L = 0.2 H da kafasita C = 100 µF a layi ɗaya, na ba su 10 V a 50 Hz. Da ω = 2πf = 314, XL ta kama 62.8 Ω, XC kuma 31.8 Ω, saboda haka lissafin fezo ya ba da Z = 30 + j31, wato kwararar 0.232 A mai bin bayan wutar da digiri 46. Amma awo ya nuna 0.198 A da digiri 38.

Raguwar da kwarara da kusurwa suka yi tare ita ta sa na zargi wata turjiya da ba ta shiga lissafi ba. Da na cire naɗin wayar na auna shi da mita, sai na tarar wayarsa kaɗai tana da 10 Ω. Na mayar da Z = 40 + j31, girmanta 50.6 Ω, lissafi ya ba da 0.198 A da digiri 37.8.