Babi na Huɗu: Fosta ɗaya, gyara sau huɗu

Yawancin masu koyon dizayin a waya abin da ke ɓata musu lokaci shi ne kallon bidiyo, yau a kalli na PixelLab gobe na Canva jibi na CorelDRAW, data ta ƙare, amma in aka ce yi mana katin biki sai ido ya raina fata. Akwai kuma masu yin sabuwar fosta kullum, sai dai matsalar ta jiya tana nan daram a ta yau don ba wanda ya tsaya ya duba ta. A wannan babin aiki ɗaya za mu kama, mu yi ta maimaita shi, kowane zagaye abu ɗaya tak za mu gyara.

Ga aikin: takardar talla ta mai sayar da atamfa a Kantin Kwari. Girman A5, wato rabin A4, faɗi milimita 148 tsayi 210. Abubuwa huɗu ne a ciki: sunan shago, kayan da ake sayarwa, layin da shagon yake, sai lambar waya.

Zagayen farko baƙin rubutu a kan farar takarda kawai, ba hoto ba kala. Na san zai yi maka kamar ba ka yi komai ba, daure dai. Abin da kake koya a nan shi ne me ido zai fara gani. Ka ba rubutun girma uku, misali sunan shago 40, lambar waya 20, sauran 12. In ka gama miƙa wa wani wayar ya kalla kamar daƙiƙa uku, ka karɓe, ka tambaye shi me ya gani. In ya ce atamfa ce kuma akwai lambar waya a ƙasa to an dace. In ya tsaya yana "eh to", duba, mai yiwuwa komai ya kusa zama girma ɗaya ne. Kar ka tambayi mutum "ya yi kyau?", Masha Allah zai ce maka ko da bai yi ba, mutanenmu akwai kara.

Zagaye na biyu jeri da tazara. Zaɓi ɗaya, ko duk rubutun ya taso daga hagu ko duk ya zauna a tsakiya, ban da gauraya. Adireshi da lambar waya su matso kusa da juna tunda aikinsu ɗaya, kuma ka bar fili kamar milimita 5 zuwa 10 daga bakin takarda don wuƙar yanka takan ɗan goce ta cinye rubutu.

Na uku salon rubutu, kar ya wuce iri biyu. Nan ne mu masu Hausa ke shan wahala don da yawa daga cikin salon rubutun ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Kafin ka zaɓa rubuta "ƙofar ɗakin ɓera" ka zuba ido. In akwati ya fito a gurbin harafin, ko harafin ya fi 'yan uwansa siranta kamar baƙo, canza salon. Cire lanƙwasar ba mafita ba ce, mai ƙosai ba zai ji daɗi ba, balle a ce ƙafa ta koma kafa.

Sai a na huɗu kala da hoto za su shigo, kuma wannan sai an buga za a gane gaskiyarsa. Sikirin da haske yake haɗa kala, RGB, injin bugu kuma da tawada huɗu, CMYK, shi ya sa shuɗi ko koren da ke walƙiya a waya yake fitowa a dushe. Ka buga kwafi ɗaya tukuna ka ajiye shi kusa da wayar ka kwatanta. Don kar aikin ya fito dishi-dishi ana son 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, a A5 kenan wajen pixel 1748 x 2480. In kalar bango za ta kai har baki, ka ƙara milimita 3 a kowane gefe wanda za a yanke. Kuma in ta WhatsApp za ka tura wa mai firintin, tura shi a matsayin Document, ko ma PDF, don in ka tura a hoto matse shi yake yi. Masu CorelDRAW su zaɓi rubutun su danna Ctrl+Q kafin su kai, rubutun ya koma zane, ko kwamfutar can ba ta da salon ba zai canza ba. Amma fa a ajiye kwafin asali, don bayan haka ba a iya gyara harafi.

Aikin gida: kowane zagaye a adana shi daban, atamfa1 har atamfa4, a rubuta a littafi abin da aka gyara da abin da mai kallo ya faɗa. Ranar darasi a zo da wanda aka buga, za mu liƙa a allo kowa ya ja baya taku biyar ya gwada karanta lambar wayar. Wanda tasa ta karantu shi zai wuce zuwa katin walimar saukar karatu, inda sunaye ke da yawa fili kuma kaɗan.