Darasi na Tara: Yadda Ake Tsara Kalmomin Umarni Don Ɗaurin Gele Ya Zauna a Kai

Gele shi ne ɗaurin kai na matan Yarabawa, wanda suke yi ranar biki ko suna ko wani babban taro, kuma shi ne matanmu suke kira gwaggwaro idan sun ɗaura irinsa. A wannan darasi za mu koyi yadda ake rubuta wa manhajar zana hoto umarni, domin ta fitar da mace mai gele wanda duk wadda ta iya ɗauri za ta kalla ta yarda cewa hannu ne ya ɗaura shi. Galibin waɗannan manhajoji sun fi fahimtar Turanci, saboda haka za mu kawo kalmomin yadda ake buga su, mu kuma bayyana ma'anarsu.

Mu ɗauki misalin wata mai sayar da ashoke da take son hoton talla, ta buga wannan kaɗai:

```
Nigerian woman wearing gele
```

Sau da yawa abin da yake fitowa ɗaya ne daga cikin uku: ko dai wani naɗi mai kama da rawanin maza, ko ɗankwalin atamfa mai laushi da aka tara a tsakar kai, ko kuma wani abu mai kyan gani wanda aka ɗora a kai kamar hula, ba ya riƙe da komai. Dalili kuwa shi ne manhajar ba ta san yadda ake ɗauri ba, hotuna kawai ta gani masu yawa, kuma idan aka ba ta suna ba tare da siffa ba sai ta cakuɗa duk wani ɗaurin kai da ya yi kama da shi. Maganin wannan shi ne a faɗa mata abin da hannun mai ɗauri yake yi.

Ana farawa da yadi, domin shi ne yake ba ɗaurin siffarsa. Ashoke saƙar hannu ce ta ƙasar Yarabawa, garin Iseyin da ke jihar Oyo ya yi suna a kanta, kuma ana saƙa shi ne siriri-siriri, kusan faɗin tafin hannu, sannan a ɗinke su gefe da gefe. Yana da kauri, yana riƙe ninki, ba ya zubowa kamar gyale. Kalmar `stiff` tana nufin mai tauri, kuma idan aka manta da ita, ninkin yakan fito lanƙwam kamar na siliki. A kuma ambaci launi ɗaya tak, domin idan aka jera launi uku manhajar takan watsa su har cikin riga da bango.

Abin da ya fi komai nauyi, wanda kuma masu koyo suka fi tsallakewa, shi ne wurin da yadi ya haɗu da kai. Mai ɗaurin gele takan fara tattara gashi baya, ta shimfiɗa bakin yadin a goshi, ta ja shi da ƙarfi ta saman kunnuwa zuwa ƙeya, ta sarƙe gefen biyu a can, kuma bayan ta gama takan ɗan tura ɗaurin baya domin fuska ta fito. Ke nan akwai wurare uku da gele yake kama kai: goshi, saman kunne, da ƙeya. Idon mutum nan yake fara dubawa ko da bai sani ba, kuma idan aka ga rata tsakanin yadi da fata a ɗaya daga cikinsu, duk kyan da saman ɗaurin ya yi ba zai hana hoton zama na ƙarya ba. Ga yadda mai ashoken ta gyara umarninta:

```
Yoruba woman wearing a gele of stiff wine-red aso oke,
tied tightly, front edge flat just behind the hairline,
covering the tops of the ears, earrings visible
```

Ma'anarsa ita ce ɗaurin ya matse, bakinsa na gaba ya kwanta daf da inda gashi ya fara, ya rufe saman kunnuwa, amma ɗankunne ya fito. Maganar ɗankunnen nan ba don ado aka sa ta ba. Idan aka bukaci a ga ɗankunne, an tilasta wa manhajar ta bar ƙasan kunne a waje, da haka sai layin ɗaurin ya bi ta inda ya dace, bai sauko ya rufe kumatu ba, bai kuma haye can ƙoli ba.

Bayan an sami zaman ɗaurin sai a koma kan ninki. A gelen da aka fi yayi yanzu, ana jera ninki ƙanana a gaba, ɗaya a bayan ɗaya kamar matakala, suna tafiya daga kunne zuwa kunne, sannan ragowar yadin ya tashi a bayansu ya buɗe kamar mafici. Umarni yana bukatar ya faɗi inda ninkin ya nufa da kuma inda maficin ya tsiro, in ba haka ba sai a ga ninki yana gangarowa daga sama zuwa goshi, ko mafici ya fito daga gaban kai kamar kambun sarauta. Sai a ƙara wannan a ƙarshen umarnin da mai ashoken ta gyara:

```
narrow parallel pleats running from ear to ear, rising into
a wide fan behind the crown, three-quarter view,
soft shadow under the front edge
```

A lura ba mu faɗi adadin ninkin ba. Ana iya rubuta shida, amma waɗannan manhajoji ba su da kirki wajen ƙidaya, za a iya samun huɗu ko tara, saboda haka siffar ninkin ta fi adadinsa amfani. Kalmomin `three-quarter view` suna nufin fuskar ta ɗan karkata gefe, wanda yake nuna goshi da kunne ɗaya da tashin maficin a lokaci guda. Ita kuwa 'yar inuwar da aka nema a ƙarƙashin bakin yadi, ita ce take nuna cewa yadin yana da kauri kuma a kan fata yake, domin idan babu ita yakan zama kamar fenti aka shafa a goshi.

Idan hoton daga gefe ko daga baya ake so, wajibi ne a ambaci ƙulli, da kalmomin `knotted at the nape, ends tucked in`, wato an ƙulle a ƙeya an kuma cusa bakin yadin ciki. Manhaja ta fi sabawa da hoton gele daga gaba, don haka bayan kai ne take yawan lalatawa, ta bar shi sumul kamar ƙwarya.

Akwai kuskure guda da kusan kowa yake yi idan rawani ya fito masa, shi ne ya rubuta `not a turban` a cikin umarnin. A wasu manhajojin hakan yana ƙara jawo rawanin ne, domin sun ga sunansa, ba su kula da korewar ba. A Stable Diffusion akwai gurbi na daban mai suna `Negative prompt` inda ake sa abin da ba a so, a Midjourney kuma ana rufe umarnin da `--no turban, hat`. Inda babu irin wannan gurbi, gara a yi shiru da sunan rawanin, a ƙara bayanin ninki da tauri.

Aikin gida: kowane ɗalibi ya samo hoton gele na gaske, ya sa yatsa a kan goshi da kunne da ƙeya, ya rubuta jimla ɗaya da Hausa a kan yadda yadin ya zauna a kowane wuri. Daga nan ya buga umarnin da ke sama, ya canza abu ɗaya kawai a kowane gwaji, misali ya cire `stiff` ko ya cire maganar ɗankunne, ya rubuta abin da ya sauya a hoton, ya zo da shi aji.