Dabarar warware indisis mai mainas

Idan ka ga 27^(-2/3), bi shi daki-daki: juya lambar, nemo rut, sannan ka yi fawa, wato ninka lamba da kanta.

Mainas ɗin nan ba ya mayar da amsa ƙasa da sifili. Juyawa kawai yake nufi, wato 1/27^(2/3).

Sai ka dubi 3 na ƙasa a 2/3, shi ke nuna rut ɗin da za ka nemo. Wace lamba ce za ta ba da 27 in an ninka ta da kanta sau uku? 3 ce, domin 3×3×3 = 27. Yanzu 2 na sama shi ne fawa: 3² = 9, amsa 1/9.

Da ka fara da fawa, da 729 za ka yi ta fama. Rut yana rage lambar tun da wuri.

Amma ka kula, a 2x^(-1) x kaɗai ke juyawa: 2/x ne. Kuma sifili ba ya juyuwa.